Manufa ta Shida

Ranar Juma'a ce, lokacin hutun ƙarfe goma sha ɗaya, Kirsty Holroyd na tsaye a ɗakin malamai tana jiran butar shayi ta tafasa, sai sakatariyar makaranta ta leƙo ta ce mataimakin shugaba yana son ganinta, ta zo da fayil ɗin 'yan aji takwas. Kirsty ta waiwaya wajen Bernie Threlfall, malamar da ke kula da ita, don ta ji ko mene ne. Bernie ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya cokali a kofin da ba ta sa wa sukari ba. Wata uku suna aiki tare, matar nan ba ta taɓa barin magana ta wuce ba ta tsoma baki ba. Kirsty ta ɗauki fayil ɗin ta fita.

Shekarunta ashirin da biyu, 'yar wani ƙaramin gari ce a yammacin Yorkshire. Mahaifinta, Trevor, direban bas ne. Gidansu ba a zuwa coci sai biki ko jana'iza. Da ta ce za ta karanta ilimin addinai a jami'a, sai da ya ajiye cokalinsa ya dube ta.

"Wato fada za ki zama a coci?"

"Malama, Baba."

"To, kin ga wannan da sauƙi. Su ma ba a sauraronsu, amma akwai hutu."

Ita ce ta fara gama jami'a a danginsu. Daga nan ta shiga horon shekara ɗaya na malanta, wanda yawancinsa a aji ake yi, ƙarƙashin gogaggen malami. Sai ya sa hannu cewa ka cika sharuɗɗa sannan ka sami shaidar koyarwa. Zango na ƙarshe ya kawo ta wata sakandaren gwamnati, sashen ilimin addinai, kuma sashen gaba ɗaya Bernie ce.

Bernie ta kusa sittin. Shekara ashirin da huɗu ta yi a makarantar Katolika kafin ta dawo nan. Tun ranar farko ta kama kiran Kirsty da "'yar nan", tana kawo mata biskit, tana yi mata tsiya kan takalmanta. Ita ta koya mata tsayawa a bakin ƙofa ta gaida kowane yaro da sunansa. Kirsty har ta taɓa gaya wa mahaifinta cewa in ta zama rabin Bernie, ta gode.

Babban aikin zangon shi ne ta tsara darussa shida kan addu'a da ibada, ta koyar da 'yan aji takwas, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku. A jami'a Dokta Prosser, mai koya musu dabarun koyarwa, ya hana su rubuta "ɗalibai za su san" ko "za su fahimci". Yakan ce, "Ta ina za ku leƙa ku ga fahimta? Ku rubuta abin da yaro zai yi, wanda ido zai gani." Kuma manufofin su hau matakan tunani, daga mai sauƙi zuwa mai zurfi.

Ta yi kwana huɗu a kansu. A matakin tunawa ta rubuta cewa ɗalibai za su lissafa salloli biyar na Musulmi da lokutansu. A na fahimta, za su bayyana da nasu kalmomin dalilin da ya sa wasu masu ibada ke yin wanka ko alwala kafin su fara. A na aiki da ilimi, za a ba su hoton wurin ibadar da ba su taɓa gani ba, su nuna abin da kayan cikinsa ke faɗa game da yadda ake ibada a wurin. A na nazari, za su kwatanta taron Kiristocin da ke ibada a cikin shiru da na cocin da ake bin tsararrun addu'o'i. A na auna hujja, za su yanke hukunci kan maganar cewa addu'a a keɓe ta fi ta cikin jama'a, bayan sun kawo dalilan ɓangare biyu. Na shida, matakin ƙirƙira, shi ta fi so: ɗalibai za su zana ɗakin ibada na asibiti wanda mabiya addinai uku da marasa addini za su iya amfani da shi, su kare kowane zaɓi da suka yi.

Bernie ta duba takardar a tsaye, tsakanin darasi da darasi, da koren bironta.

"Biyar ɗin farko sun yi. Amma wannan? Masu zanen gidaje muke yayewa? Minti hamsin gare ki, 'yar nan. Rabinsa zai tafi a neman rula."

Ta ja layi a kai, ta rubuta a gefe: su rubuta addu'ar kansu.

"Dokta Prosser ya ce koyar da su game da addini muke, ba sa su yin addini ba," in ji Kirsty.

"Dokta Prosser yaushe rabonsa da ganin yaro da rai? Shekara nawa ina sa yara wannan, har kuka iyaye ke yi don daɗi. Ƙirƙira ake so, ga ƙirƙira."

A makarantar da Bernie ta fito, haka ne, ba laifi. A nan kuwa makarantar kowa da kowa ce. Kirsty ta san da haka, ta rubuta shi a jarrabawa ma. Amma ta koma ta goge tata, ta buga ta Bernie da hannunta, ta sa takardar mai koren rubutu a fayil ɗin 'yan aji takwas da ke kan kantar ɗakin malamai. A ƙa'ida, mai koyon aiki ce ke rubuta abin da aka tattauna a zaman mako, mai kula da ita ta sa hannu. Wannan gyaran a baranda aka yi shi, don haka bai shiga ko'ina ba.

Darussa biyar suka tafi lafiya. A na shida ta rubuta a allo: Zan iya rubuta addu'ata. Wata yarinya mai suna Freya ta ɗaga hannu.

"Malama, ga wa zan rubuta? Mu ba ma yin addu'a."

Kirsty ta ruɗe. Maimakon ta ce ta rubuta abin da wani mai imani zai iya faɗa, sai ta nuna allo ta ce manufar yau ke nan, kowa zai yi. Yarinyar ta rubuta layi biyu, ta tafi da littafin gida. Wasiƙar mahaifin Freya ce a kan teburin mataimakin shugaba ranar Juma'ar nan. Ya ce ya bar 'yarsa a darasin ne don ta san addinan mutane, ba don a tilasta mata yin addu'a ba, kuma zai cire ta daga darasin gaba ɗaya.

Mataimakin ya tambayi Kirsty wa ya rubuta manufar. Ta ce ita ta buga, amma Misis Threlfall ce ta canza ta. Ya aika aka kira Bernie. Ta shigo, ta zauna, ta gyara tabarau.

"Na ga wani daftari tun farko, mai ɗakin asibiti, na ce ya yi. Wannan kam ban gan shi ba sai yau. Kuskuren sabon shiga ne, yarinyar tana da ƙoƙari."

Yarinyar. Ba 'yar nan ba. Kirsty ta buɗe fayil ɗin, ta bi shi shafi-shafi. Komai na nan, har takardun da ba su da amfani. Mai koren rubutun ce kawai babu.

Bayan an tashi ta tarar da Bernie a wurin ajiye motoci, tana saka littattafai a bayan mota.

"Ina takardar?"

"Wace takarda?"

"Bernie, don Allah. Ke kika ja layin. A gabana."

Bernie ta rufe motar. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Bara ma an kawo ƙarata a kan irin wannan. An ce in aka sake, sashen zai koma ƙarƙashin na tarihi. Ke kina da shekara arba'in a gaba. Za su ɗan ja miki kunne, shi ke nan."

"Ke za ki sa hannu a rahotona."

"Zan rubuta miki abu mai kyau."

Ran Litinin takarda ta zo. Takardar nuna damuwa ake ce mata, wadda makaranta ke cikewa in tana shakkar mai koyon aiki. An rubuta cewa Kirsty ta kasa kiyaye iyakar aikinta, ta kuma canza tsarin darasi ba da sanin mai kula da ita ba. A ƙasa sa hannun Bernie, da koren biro.

Dokta Prosser ya zo makarantar da kansa. Kirsty ta nuna masa daftarinta na farko a kwamfuta, da ranar da ta rubuta shi. Ya karanta a hankali, ya kai manufa ta shida ya dakata.

"Wannan ita ce mafi kyau da na gani bana," ya ce. "Ita ce kuma matsalarki. Tana nuna kin san daidai. Ba ta nuna wa ya sa kika bar ta ba."

"Ba ka yarda da ni ba?"

"Ni daban, kwamitin jami'a daban. Me ya hana ki rubuta shi a takardar zaman mako?"

Wa ke rubuta shaida a kan mutumin da ke kawo masa biskit?

An karɓe 'yan aji takwas daga hannunta. Ta rubuta wa Freya da mahaifinta takardar ba da haƙuri, don wannan ɓangaren nata ne, ba ta musu. Makaranta ba ta ce ko an aika ba. Sauran azuzuwan tana shiga, Bernie na zaune a baya tana rubutu, kamar kullum. Da safe suna gaisawa. Ran Talata ma Bernie ta ajiye biskit a kan teburinta. Kirsty ta bar shi a nan har aka tashi.

Trevor ya so ya je makarantar. Ta hana shi.

"To in ɗauki Bernie ɗin a bas, in wuce tasharta?"

"Mota gare ta, Baba."

"Irinsu kullum da mota."

Ta yi dariya, sai dariyar ta juye kuka, ya tsaya a kanta da tawul ɗin kwanuka a hannu bai san inda zai sa shi ba.

Tun daga ranar, duk abin da aka gaya mata sai ta rubuta, da rana da lokaci, har wanda ya ce ta rufe taga. In ta zauna rubuta manufa, takan karanta ta sau goma, tana neman inda za a kama ta.

Kwamitin jami'a ya zauna ran Laraba da ta wuce. Abu uku ne a gabansu: su bar ta ta gama, su sa ta maimaita zangon a wata makaranta a kaka, ko su ce ba ta ci ba. Sun nemi Bernie ta ba da bayani a rubuce, kuma Kirsty ba ta san abin da ta rubuta ba. An ce za ta ji cikin kwana biyar na aiki. Yau na huɗu ke nan, saƙo bai zo ba.