Takalman da Ke Cikin Waya

Isufu baduku ne a Birnin Ƙonni, a rumfar da mahaifinsa ya bar masa. Takalman fata yake ɗinkawa da hannu, masu ƙananan zane da sai an matso ake ganin kyansu. Tun da takalman roba suka cika kasuwa, sai ya wuni ba wanda ya taya.

Matarsa Sakina, mai sayar da turaren wuta, ita ta ce su gwada WhatsApp na 'yan kasuwa. Ta saukar da shi a wayarsa, lambar tabbatarwa ta shigo, ta rubuta sunan rumfa da lokutan buɗewa. Suka shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ta ɗauki hoton kowane takalmi ta sa a katalogi, da suna da farashi. Ta adana masa amsoshin da ake yawan buƙata: in ya danna alamar layi mai karkata (/) ya zaɓi "awo", sai bayanin yadda ake auna ƙafa ya fito, ya aika. Ta sa kuma saƙon da ke tafiya da kansa in an rubuto bayan an rufe rumfa.

Abin ya karɓu. Wani ɗan Illela da ke aiki a Yamai ya tura wa abokansa katalogin, saƙonni suka fara shigowa har daga Sakkwato.

A damanar shekarar ne Isufu ya soma kuskuren ramin allura. Ya ɗauka gajiya ce. Da gefen ganinsa ya yi ta rufewa, ya je asibiti, likita ya ce magani zai iya rage saurin ciwon, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

"Ɓoye masu zanen nan daga katalogin," ya ce wa Sakina. "Hannuna ya san su, idona ne ya ƙi."

Ta ɓoye su. Bayan sallar layya ta ɓoye masu saƙa. Aka bar silifas kawai, su ma wani ya maido nasa don ɗinkin ya karkace. Isufu ya shafa shi da yatsa, bai yi musu ba. Ya nemi mai koyo ya rasa. Samarin unguwa duk sun kama kabu-kabu.

Sakina ta ce, "Mutane suna ta tambaya, Malam. Mi zan ce musu?"

"Ki maida saƙon nan ya riƙa tafiya kullum. Ki ce ba ni rumfa."

"Har yaushe?"

"Kar ki sa rana."

Ta rubuta, ta karanta masa, ya gyaɗa kai. Yanzu yana zama a zaure, wayar na aljihunsa. In ta yi ƙara yakan miƙa wa Sakina ta gaya masa daga wane gari ne, ya saurara, ya maida ita aljihu.