Shekarar da na zama kalafen rijiya

Shekarar da na gaji da yawon duniya na dawo gida kusa da Tsarnawa, taubashina ya jawo ni cikin garkar albasarsa. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, don haka a wasanmu shi ne ubangida, ni bawa, ko da yake furfurata ta riga tasa fitowa. Ya sayo injin ban ruwa a kasuwar ƙetaren iyaka, ja, mai shan fetur. Muka haɗa hannu muka zuba irin albasa mai yawa, har ya kusa kai dashe.

Ranar farko ya jefa tiyo cikin rijiya, ya ja igiya, inji ya kama kuka, amma ko ɗigo bai fito ba. Na ce ya kashe kafin robar da ke tare ruwa a cikinsa ta ƙone. Na taɓa ganin irin wannan inji a bakin kogi a Sudan da gonakin tumatir na Kano, kuma ko'ina halinsa ɗaya: ba ya jan iska. Sai an cika cikinsa da tiyon tsotso da ruwa kafin ya kama. Don kada ruwan ya zurare ya koma rijiya, ana ɗaura wani marfi a ƙarshen tiyon, mai buɗewa in ruwa zai hau, ya rufe in zai sauka. Mu nan kalafe muke ce masa, daga Faransanci.

"To ina naka kalafen?" na tambaye shi.

"Mai injin bai ba ni ba. In da yana da amfani da ya ba ni. Kai dai ka cika son kayan waje. Mi kalafen ke yi wanda tahin hannu ba ya yi?"

Na ce babu, sai dai shi ba ya jin sanyi. Nan ya dube ni ya yi murmushi, na gane na haƙa wa kaina rami.

"Bawa, tuɓe riga."

Haka muka fara. Ruwan yana wajen gaba uku daga baki. Kowace safiya in bi igiya in sauka, in tsaya cikin ruwa har ƙirji, in toshe bakin tiyo da tafin hannu. Shi kuma a sama ya kwance murfin da ke kan injin, yana ɗura ruwa da wuyan fasasshen gora, nauyin ruwan yana ƙaruwa a hannuna. In ya cika ya ɗaure, ya ja igiya, ya yi ihu, "Saki!" Sai in zame hannu gefe, don in ka ja shi kai tsaye tiyon ba ya yarda ya sake ka. Wani lokaci in yi saurin saki, ruwan ya zube, mu koma farko. Masu wucewa kan amalanken jaki har tsayawa suke su leƙo su gaishe ni.

Muka yi dashe ana tsakiyar sanyi, washegari tari ya kwantar da ni. Albasar da aka dasa jiya ba ta haƙuri, in ta rasa ruwa sai ta kwanta, kuma ba mu da sauran iri. Shi ba ya iya sauka saboda gwiwarsa, ƴaƴansa kuma duk suna ci-rani. Sai ya hau mota ya tafi Ƙonni, ya dawo da yamma har bakin shimfiɗata, yana riƙe da kalafen tagulla mai sheƙi.

"Ɗaga ka ji nauyi," in ji shi. "Akwai wani na baƙin ƙarhe da ƴar roba ciki kamar harshen takalmi, ban ko dube shi ba."

Mutanenmu da hannu suke auna kaya, tun daga rago har tukunya: abin da ya fi nauyi shi ya fi kyau. Na buɗe na duba. Faifai ne na tagulla da waya mai danna shi, aiki mai kyau ƙwarai, irin wanda na gani a tsaftatattun rijiyoyin siminti. Na ce masa rijiyarmu yashi gare ta. Ya ce baƙin ciki nake yi don an kore ni daga aiki.

Ya ɗaura, ya sake shi har ƙasa. Ranar ya yi ban ruwa shi kaɗai, ya zo yana taƙama. Amma a garinmu ba a hana kowa ruwan rijiya, kuma wasu Fulani da suka sauka kusa da mu nan suke shayar da shanu da asuba. Washegari gugansu ya dama ƙasan rijiyar, kalafen yana kwance cikin laka. Da taubashina ya tada inji ya yi aiki ɗan lokaci, sai ya kashe don ya ƙara fetur. Tsakuwa ɗaya ta maƙale ƙarƙashin faifan. Ya yi ta ɗura ruwa guga bayan guga, ruwan yana bi ta ƙasa yana komawa inda ya fito. Ya jawo tiyon, ya wanke, ya mayar, aka sake maimaitawa. Rana ta yi tsaka, rabin fangalin albasar bai sha ba.

Sai ga shi a ƙofar ɗakina, wando jiƙe.

"Taso, ko a jaki sai in kai ka."

"Ubangida na roƙon bawa?"

"Ba roƙo ba ne, umarni ne. Taso don Allah."

Na ce ba ni shiga ruwa, amma ya koma Ƙonni ya kawo mai harshen takalmin. Roba tana lanƙwasa ta rufe kan ɗan yashi, maƙogwaronsa kuma faɗi gare shi, in ya toshe da yatsa ake share shi. Ya tafi yana gunaguni, ya dawo bayan la'asar. Na zauna bakin rijiya cikin bargo ina ba da umarni, abin da ban taɓa samu ba tun muna yara. Muka sa kalafen cikin tsohon kwando don ganye da tsakuwa, muka rataye shi da igiya a tsaye, kamu ɗaya sama da laka, amma can ƙasa da fuskar ruwa don kada ya shaƙi iska in ruwan ya ja. Mahaɗar tiyo da inji muka naɗe ta da robar cikin taya, don ƴar kafa ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Na sa ya ɗura a hankali yana girgiza tiyon har kumfa ta daina fitowa.

"Kada ka ja igiya tukuna," na ce. "Tafi ka yi alwala ka dawo."

Da ya dawo ya leƙa bakin murfin, ruwan yana nan cike inda ya bar shi. Ya ɗaure, ya ja igiya, ruwa ya fito da ƙarfi har ya ture masa hula.

Muka yi ban ruwa har magariba. Fangalin da ke can gefen gabas, inda ƙasar ta fi rairayi, ya riga ya ƙone, a ƙarshe yakuwa muka shuka a wurin. Sauran albasar ta miƙe. Da safe ya zagaya ya duba ta, ya dawo ya tsuguna kusa da ni, ya ce a gaskiya wannan kalafen ya fi na farko, don ba ya tari kuma ba ya ba da labarin Sudan.