Tarin Halimatu Mai Yaji

Duk wanda ya ci kasuwa a Habu Ganda, ƙaramar kasuwar Yamai, a shekarun da Nasara ya sauke tutarsa, ya san Halimatu Mai Yaji. Ba sai an nuna maka rumfarta ba, hancinka zai kai ka. Bamaraɗiya ce, gajera, mai kaurin damtse, bakinta kuwa ya fi barkononta zafi. Ita ke daka wa masu jego na rabin gari yaji, har matan Zabarmawan unguwar Gaweye kan aiko a ce musu na Halimatu suke so ko a bari. Mijinta Isaka ne ya kawo ta Yamai, yana dako a bakin kogi, tarin fuka ya ɗauke shi ya bar ta da ɗiya ɗaya tilo, Zeinabu. Da taɓarya ta ciyar da yarinyar nan, da taɓarya ta yi mata kayan ɗaki, har ta kai ta gidan Sanusi, wani ɗan Damagaram mai aikin buro, wato ofis.

To, a shekarar da nake faɗi cikin Zeinabu ya tsufa, cikin fari kuwa. Kowa ya san al'ada: haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Ɗiya ta dawo gida goyon ciki, uwa ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta daka mata yaji da hannunta har a yi arba'in. Halimatu ta yi wa ɗiyan mutane wannan hidima ba iyaka, tana jiran ranar tata. Ta sa an yaɓe ɗakinta na unguwar Bukoki, ta tara itace har ya fi danga tsawo.

Ana cikin haka murar ƙarshen damina ta bi kasuwa, ta kama ta kamar kowa. Zazzaɓi ya sauka, hanci ya bushe, kowa ya warke ya manta. Ita sai aka bar ta da tari. Busasshe ne, ba kaki, wani ƙaiƙayi ne can cikin maƙogwaro, in ya motsa sai ta dafa turmi ta yi ta yi har hawaye su zubo. Mako ya wuce, wani ya bi shi, wata ya cika ya ɗora, tari yana nan daram.

Ta ji tsoro, tsoro mai tsanani, don ta san yadda na Isaka ya faro. Amma Halimatu ce, ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Sai ta shiga yi wa kanta magani irin na mai yaji. Ta ce sanyi ne ya kwanta mata a ƙirji, sanyi kuwa zafi ke korar sa. Ta ƙara barkono a kunu, ta ƙara citta da masoro. Da yamma ta rufe ɗaki, ta zuba saiwoyi a garwashi, ta lulluɓa da zane tana shaƙar hayaƙi. Da safe ta koma bakin turmi, ƙurar barkono na tashi tana shiga mata hanci. Kai, wannan mata! Ga wuta tana ci, ita tana zuba mata mai, tana mamakin abin da ya hana ta mutuwa.

Abu ɗaya ta yi a ɓoye, shi ne ya nuna inda zuciyarta ta kai. Ta tono wani tsohon kwanon sha daga ƙarƙashin gado, mai jan zare ɗaure a bakinsa. Kwanon Isaka ne. Lokacin ciwonsa tsofaffin unguwa suka ce a ware masa abin ci da abin sha, ita ta ɗaura zaren da hannunta, ya yi shekara yana ci shi kaɗai a gefen zaure har ya cika. Yanzu ta wanke kwanon, ta rataye shi a jikin danga nesa da sauran, ta koma sha da shi.

Kasuwa kuwa ba ta da sirri. Masu saye suka fara tsayawa nesa suna miƙo hannu. Aisa, Bazabarmar da ke sayar da busasshiyar kuɓewa a rumfar kusa, wadda suka shekara goma suna faɗa a kan inuwa, ta ce mata ta je gidan likita. Halimatu ta ce in Aisa ta gaji da ganin ta ne ta faɗa, ba sai ta tura ta inda ake shiga da ƙafa a fito a makara ba. Haka ta ɗauka, don Isaka sai da ya fara aman jini aka kai shi, bai kuwa dawo ba.

Watan haihuwa ya kama, ba a kawo Zeinabu ba. Halimatu ta aika, aka ce gobe. Ta sake aikawa, aka ce ana neman amalanke. Matan gida suka fara kallon tulin itacen nan suna kawar da kai. Ta gane sarai, maganar tarin ce ta kai kunnen Sanusi. Shi kuwa suruki ne, tsakaninsa da ita sai gaisuwa daga nesa, kai a sunkuye. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa haɗa ido da ita ba, balle ya ce mata ga abin da za ta yi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ji sallama a bayan danga. Sanusi ne, bai shigo ba. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a waje, tana ganin inuwarsa ta tsakanin zana. Suka gaisa, gaisuwar ta ƙare, bai tashi ba. Tari ya taso mata, ta danne shi da gefen zane har idonta ya yi ja, tarin ya ƙwace ya fito.

"Inna, ki gafarce ni," in ji shi. "Ba zan kawo ta ba sai likita ya duba ki. In kin ce in sake ta, na fi son wannan da in sa jariri a ɗakin da ban san abin da ke ciki ba."

Suruki! Yaron da ko sunanta bai isa ya kama ba! Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai idonta ya faɗa kan kwanon da ke rataye. Ai ita ma ta yanke wa kanta hukuncin da ya yanke, tun kafin ya zo. Ta bar shi a durƙushe har ya gaji ya ɗauki takalminsa.

Aisa ce ta raka ta gidan likita, suna tafe suna faɗa. Majo, wato babban mai jinya na wurin, wani dattijo ne mutumin Tawa, ba ya gaggawa. Ya tambaye ta ko tana ganin jini, ko zufa na jiƙa ta a barci, ko zazzaɓi na dawowa da yamma, ko zanenta ya fara yi mata yawa. Duk ta ce a'a, Aisa ta ƙara da cewa wannan ko tuwon mutum biyu ba ya isar ta. Ya tambayi ko ƙirjinta na kuka in tana numfashi, ko ƙwarnafi na taso mata in ta kwanta, ko tana jin majina na gangarawa ta bayan maƙogwaro. Ta ce ƙwarnafin kam, tun da ta ƙara barkono. Ya ɗora abin saurare a bayanta, ya tambayi sana'arta. Da ya ji, ya kuma ji labarin turaren, sai ya ajiye alƙalami ya dube ta.

Ya ce mura takan tafi ta bar hanyar numfashi a saɓule kamar fatar da ta ƙone, abu kaɗan ya taɓa ta sai tari, yakan kai wata biyu kafin ya lafa. Hayaƙi da ƙurar barkono su ne ke fama mikin kullum. Tarin shiƙa ma yakan kama babba, yana kuma kashe jarirai, amma ko da shi ne, nata ya daɗe, ya wuce lokacin da yake harbi. Sai dai tarin da ya haura mako uku, ga wadda ta yi jinyar mai tarin fuka, ba a yi masa shaidar baki. Za ta kawo kakin safe a gwada, ba sau ɗaya ba, a kuma ɗauki hoton ƙirjinta. In shi ne, yanzu akwai allura da ƙwayoyi, ana warkewa in an zo da wuri aka jure shan su. Kafin nan ta ajiye taɓarya, ta bar turare, ta rage yaji, ta sha ruwan ɗumi da zuma.

Ta ce ai ta riga ta ware kwanonta. Majo ya girgiza kai.

"Ba a kwano yake ba, Yaya. A numfashi yake, a ɗakin da aka rufe ba iska. Buɗe taga ya fi ware kwano."

Wannan magana ta fi tarin yi mata ciwo. Shekara guda Isaka yana ci shi kaɗai kamar bare, alhali ɗaki ɗaya suke kwana, ƙofa a rufe don kada sanyi ya kama shi. Ta fito ta zauna a gindin itacen bedi ta yi kuka, Aisa na tsaye kanta.

Kwanakin jira sun yi mata tsawo. Kakin ma da ƙyar take samun abin tofawa a ɗan kwalbar. Ga turmi a kife, ga kayan yajin Zeinabu a ƙulle, kanumfari da kimba da barkonon da ta tsince ɗaya ɗaya. Kullum tana sauraron a zo a ce an haihu a gidan miji, a hannun baƙi. Ran nan ta kwashi ƙullin ta dire a gaban Aisa, ta ce ta daka, in kuma ta cika gishiri Allah ya isa. Ta koma can nesa inda iska ba ta kawo ƙura, tana ba da umarni da ƙarfi. Hannun wata ne zai daka yajin ɗiyarta, abin ya ƙona mata rai ƙwarai. Amma tarin ya fara ja da baya, har takan idar da salla bai katse ta ba.

Da ta koma, Majo ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce huhu fes, kaki ma ba a ga komai ba. Ya ce in tarin ya ƙi ƙarewa, ko ta ga jini, ko ta fara ramewa, ta dawo ba tare da an yi mata rakiyar faɗa ba. Ruwan wankan jego kuwa a dafa shi a fili, ta tsaya bayan iska. Aisa ce ta kai saƙo gidan Sanusi.

Washegari da hantsi amalanke ya tsaya a ƙofar gida. Sanusi ya tsaya a waje kamar yadda ya kamata, kai a ƙasa. Zeinabu ta shigo da ƙyar, hannu a ƙugu, ƙafafu a kumbure. Halimatu ba ta tashi ba, ɗiyar fari ce, ba a rawar jiki a kanta a gaban mutane. Cewa kawai ta yi a shimfiɗa wa yarinyar nan tabarma.

Zeinabu ba ta zauna ba. Ta hango kwanon a jikin danga, ta kuwa gane shi, don tana ƙarama ita ake hana ta taɓa shi in ta kai wa babanta ruwa. Ta sauke shi, ta tsinke jan zaren da haƙori, ta ɗebo ruwa a randa ta sha, sannan ta durƙusa da nauyin cikinta ta miƙa wa uwarta sauran.

"Sha, Inna."

Halimatu ta karɓa da hannu biyu, ruwan na zuba a zanenta. Ta sha har ƙasa. Sannan ta goge fuska ta ce wa matan gida me suke kallo, ba su ga itace na jiran a faskara ba?