Wa Ke Ƙirga wa Ɗa Awa?

Shekara bakwai na yi ina aikin malamin gona, amma ranar da aka ɗora shekarun nan a sikeli, ko uku ba su cika ba.

Tun da na gama bautar ƙasa ban taɓa zama ba. Rani ya yi, ina fadamar Wurno ina koya wa manoman albasa da tafarnuwa yadda ake ba da ruwa da zuba taki. Damina ta faɗi, ina Goronyo da waya a hannu, gida gida, ina tambayar mutane buhu nawa suka samu bara. Wani lokaci Rabah, rabon iri. Duk kwantiragi ne: wata huɗu, wata shida, a ce mun gode, sai mun neme ka. Matata da 'yarmu suna gidan iyayenta a wani ƙauye bayan Rabah, inda mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga. Ni kuwa ina raɓe a ɗaki guda gidan yayana a Wurno. Ta yaya zan ɗauko su, alhali ban san inda zan kasance bayan wata huɗu ba?

Sai ga sanarwa daga wata ƙungiya mai aikin noman rani. Suna neman jami'in gona na dindindin, mazauninsa Goronyo, har da ɗaki biyu a gidan ma'aikata. Sharaɗi biyu ne suka tsaya mini a rai: gogewar shekara uku cikakku bayan bautar ƙasa, kuma kada mutum ya haura shekara talatin da biyar da haihuwa. Ni kuwa a shekarar nake cika talatin da biyar ɗin. Na yi dariya na ce uku kacal? Ai ni bakwai gare ni, in sun so in ba wani aron huɗu.

Na ci jarrabawa, na ci ganawa. Saura tantance takardu. Jami'ar ɗaukar ma'aikata, wata Hajiya mai tabarau, ta baza takarduna a tebur a ofishinsu na Goronyo, ta ɗauki fensir.

Ta ce, "Malam, mu ba shekarun kalanda muka ƙirgawa ba. Lokacin da anka yi aiki muka ƙirgawa."

Rani biyu da na yi a Wurno, wata shida shida, kullum ina fita, ta ce wannan shekara guda ce cif. Aikin tambayoyi na Goronyo da rabon iri na Rabah, kowanne wata huɗu, ta haɗe su ta rubuta huɗu.

Na ce, "Hajiya, takwas dai."

"Damina guda ka yi su, watanni guda. Wata ba ya zama biyu don ka yi aiki biyu cikinai."

Kai jama'a! Daminar da na kusa mutuwa a kan babur tsakanin garuruwan nan biyu, safe nan, yamma can, ita ce aka naɗe kamar tabarma. Na kawo maganar aikin kaina, manoman da ke kirana in duba musu tsutsa ko in auna musu maganin feshi. Ta ce ana lissafa shi ƙwarai, in waɗanda na yi wa za su ba da shaida a rubuce, da lokaci da irin aikin. Yawancinsu da kwandon albasa suka sallame ni. Ƙungiyar manoma ɗaya da ke da hatimi kuwa, ƙauyensu ya watse, shugabansu ban san garin da ya faɗa ba.

Da ta tattara har da ƙananan kwantiragi, abin ya tsaya gab da shekara biyu.

Sai ta ɗaga takarda ta ƙarshe. "Wagga fa? Ka ce ka yi shekara huɗu da wani dattijo."

Dattijon nan aminin mahaifina ne, Baba muke ce masa. Tsohon jami'in gona ne da ya yi ritaya, yana karɓar aikin horar da manoma daga ƙungiyoyi. Duk lokacin da ba ni da kwantiragi, kwana uku a mako ina wurinsa: ni ke shirya darasi, ni ke auna filin gwaji, ni ke rubuta rahoto. In an biya shi ya kira ni ya danƙa mini nawa. Babu takarda tsakaninmu. Wa zai dubi mutumin da ya yi masa huɗuba ranar suna ya ce, Baba, rubuta mini?

Da neman aikin nan ya taso na daure na roƙe shi takardar shaida. Ya rubuta shafi guda da hannunsa: yaro ne mai ladabi, mai riƙon amana, ɗan gidan mutunci, ba ya wasa da salla. Babu ranar farawa, babu ranar gamawa, babu ko kalmar aiki.

Hajiya ta ce, "Yabo ne mai kyau, amma ba ni iya ƙirga shi. Kwana uku cikin biyar ya hi rabi. In ya tabbatar, ko na cire watannin da sunka haɗu da sauran ayyukanka, ka haye. Zan kira shi gobe da hantsi."

Washegari na yi sammako zuwa gidan Baba don in shirya shi. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Muka gaisa, ya tambayi yayana, ya tambayi 'yata, ya shiga labarin farashin taki. Sau uku ina buɗe baki in ce, Baba, in ta tambaya ka ce ma'aikacinka ne ni, sau uku maganar na komawa ciki. Ina cikin wannan juyi wayarsa ta yi ƙara. Ya sa ta a sifika, don kunnensa ya yi nauyi.

Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "Baba, kun taɓa ɗaukar wanga bawan Allah aiki?"

"Aiki? Subhanallahi! Ɗiyata, wanga ai ɗana ne. In ɗauki ɗan aminina aiki kamar lebura? Taimaka min shika yi, Allah shi yi mai albarka."

"To Baba, kwana nawa yaka zuwa a mako? Awa nawa?"

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Wa ka ƙirga ma ɗa awa? Gidansu ne. Ran da yag ga dama shi zo."

Ran da na ga dama! Ni da ko zazzaɓi nake sai na fito, don na san manoma na jira.

"Kuna biyan shi albashi?"

"A'a, a'a. Ɗan abin sabulu dai, in Allah ya hore."

Ina zaune a gefen tabarma, tazarar hannu ɗaya da wayar. Da na ce uffan, da na ƙaryata shi a gaban baƙuwa, a cikin zaurensa. Ya kashe waya yana murmushi, ya ce, "Ka ji yadda na wanke ka? Aikin ga naka ne, in sha Allahu."

Na ce, "Na gode, Baba." Wallahi haka na ce.

Da la'asar na je Achida sayen kayan gyaran babur, Hajiya ta kira ni. Ban bari ta gama sallama ba na hau ta da faɗa. Na ce ke ba Bahausa ba ce? Ba ki san yadda dattawa ke magana ba?

Ta bar ni na sauke, sannan ta ce, "Na sani sarai, Malam. Mahaihina ma haka zai ce. Amma abin da yac ce shi zan rubuta, kuma masu binciken da ka bin bayana ba su san Baba ba. Taimakon gida ba ya shiga lissahi, kuma wanda yac ce kai ɗa nai ne ba ya zama shaida. Hanya guda ta rage. Kawo min takarda da sa hannunai kahin Litinin: ya ɗauke ka aiki daga yaushe zuwa yaushe, kwana uku a mako, yana biyanka. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Na ji kunya, na ba ta haƙuri. Matar nan ba ta cuce ni ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don na rasa wanda zan zaga.

Na buga takardar a shagon kwamfuta, layi biyar, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ranar Asabar na kai masa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Murmushin ya tafi.

"Mi na yi maka?"

"Ba komai, Baba. Ƙa'idarsu ce."

"Ran da munka rufe mahaihinka, ni na riƙa hannunka munka dawo gida. Na ce ma Allah yaron ga nawa ne. Abin da ni ba ka, ban taɓa ba ka shi da sunan lada ba. Yanzu kana so in sa hannu cewa ɗan ƙwadagona ne kai? In tarad da mahaihinka gobe ƙiyama in ce mishi mi?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin haka ba, ko a ranar jana'izar. Ina da amsa a bakina: matata, 'yata, ɗaki biyu a Goronyo, shekaruna da suka zo gaɓa. Na san in na matsa zai sa hannu, don bai taɓa hana ni komai ba. Na kuma san daga ranar zan riƙa shiga zauren nan da sallamar baƙo.

Ya miƙo hannu. "Kawo biron, in haka kaka so."

Biron yana aljihun gaban rigata, yana ganinsa. Na ce, "Na manto shi, Baba. Bari dai, ba dole ba ne."

Ya dube ni, ya dubi aljihun. Na ninke takardar.

Aikin wani yaro aka ba, wanda ya yi shekara uku cur a ofis ɗaya a Sakkwato. Ba ni da abin cewa a kansa, ya cika sharaɗi. Da sanarwa ta sake fitowa na riga na haura shekarun.

A daren Litinin ɗin da wa'adin takardar ya cika, ba ni na kira matata ba, ita ta kira. Ta ce ta wanke labulen da ta ajiye don sabon ɗaki, in gaya mata faɗin tagar. Na ce ta mayar da shi akwati tukuna. Ta ce to.

Ranar Talata Baba ya aiko a ce mini an kawo sabon irin albasa, manoma za su taru a filin gwaji. Na tashi na ɗauki igiyar awo na tafi. Da na iso yana tsaye a bakin filin, ya ɗaga murya yana gaya wa mutane, "Ku matsa, ga ɗana nan ya iso."