Kuɗin Injin Bunu da Kunyar 'Yar Fari

Bunu taubashina ne, don haka in na tona shi ba laifi. Shekarar 'yancin kai aka haife shi a Guri. Da ruwa ya cika fadama masunci ne, da ya janye manomin shinkafa. Abu biyu ya riƙe gam: ciniki hannu da hannu, da kunyar 'yarsa ta fari, Zinariya, malamar makaranta a Kafin Hausa. Ko sunanta bai taɓa faɗa ba, sai "yarinyar nan".

Bara da rani injinsa na ban ruwa ya mutu, ga irin shinkafa ya tsiro. Zinariya ta zo Hadeja, ta sa katinta na banki a wani babban kanti ta saya masa sabo. Ashe bakin injin bai dace da tiyonsa ba, mai dacewar kuma babu shi a kantin. Ranar Laraba muka mayar. Bunu ya shimfiɗa hannu, a ƙirgo masa kuɗin ya je wani shago.

Sa'idu mai kantin ya miƙo masa 'yar takarda.

"Baba, na mayar da kuɗin, ga shaida. Ta hanyar da kuɗin suka zo za su koma: daga bankinmu zuwa kamfanin kati, sannan bankin mai katin. Kwana biyar zuwa goma na aiki, ban da Asabar da Lahadi."

"To ina zan karɓa?"

"Asusun mai katin za su faɗa. Ita za ka tambaya."

Tirƙashi! Bunu ya tambayi 'yar fari zancen kuɗi? Sai ya koma ɗiban ruwa da bokiti, dattijo da shi, yana zuba wa iri safe da yamma. Wallahi haushi ya ishe ni, tausayi ma haka. Na ce, "Kai gwanin kunya, kira ta mana!" Ya ce ai in sun zo za ta faɗa.

Kwana goma sha biyu, gefen irin ya fara ƙonewa. Na buga lambarta na cusa masa waya a kunne. Ya yi gyaran murya har sau uku.

"Yarinyar nan... maganar injin nan..."

"Baba, ai tun Alhamis suka shigo. Na ɗauka ka fasa sayen ne, na ji nauyin tambayarka."

Ka ji fa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Kwana huɗu kuɗi na kwance, uba na kunya, 'ya na kunya, shinkafa na mutuwa.

Washegari ta zo da injin da ya dace. Rabin irin ya tsira. Tana tsaye a bakin gona ta ga kantar bokiti a tafin hannunsa, sai hawaye. Bunu ya sunkuyar da kai yana ta gyara tiyon da ba abin da ya same shi, can ya ce a hankali, "Allah ya yi miki albarka, Zinariya."