Tambaya ta Uku

Shekara sha tara Dakta Yagana ta yi tana duba kundayen ɗalibai a sashen aikin gona, kuma ba wanda ya taɓa cewa tana da sauƙi. A unguwar Lamisula take zaune. Ko a shekarun da ake sauke mutane a shingen sojoji su wuce hannu sama, ba ta fasa zuwa ofis da jan bironta ba. Al'adarta ɗaya ce: ta kwafe tambayoyin bincike a 'yar takarda, ta ajiye kusa da babin tattaunawa, tana bi ɗaya bayan ɗaya. Tambayar da ba ta ga amsarta ba, to ɗalibi ya shiga uku.

A 2015 aka kawo mata kundin digiri na biyu na Ajimi, ɗan Konduga. Wa'adin karatunsa ya zo ƙarshe. In ba ta sa hannu a makon nan ba, sunansa ya fita.

Tambayarsa ta uku ita ce: wa ke yanke shawarar irin da za a shuka a gida? Jadawalinsa ya nuna mata ne, a gida tamanin cikin ɗari da ashirin. Amma a tattaunawar sai ya rubuta cewa sakamakon ya yi daidai da binciken baya, alhali masu binciken baya duk magidanta maza suka samu. Ranta ya ɓaci. Ta tsani wannan lalaci na ɗalibai, kowa sakamakonsa "ya yi daidai", kamar ɗinkin tela ɗaya.

Ta kira shi.

"Ajimi, jadawalinka gabas, bayaninka yamma. Wanne ne ƙarya?"

"Ba ƙarya a jadawalin, Dakta."

"To sakamakonka ya saɓa wa na baya. Ba laifi ba ne. Ka faɗi ya saɓa, ka kawo dalili. Nasu na 2006 ne. Naka fa?"

"Bara. A sansanin 'yan gudun hijira na sami mutanen."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Dakta, mazan ne babu."

Sai a lokacin ta koma jadawalin farko, wanda ta wuce da sauri: mata saba'in da huɗu, mazansu sun rasu ko ba a san inda suke ba. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki mai nauyi. Amma ba ta sa hannu ba. Ta tura masa kundin, ta ce ya haɗa jadawalan biyu, ya rubuta dalilin ƙarara, nan da Alhamis.

Ranar Laraba ya kawo shafi biyu. Ba ta sami abin gyarawa ba, ta sa hannu.

A bakin ƙofa ya tsaya.

"Sau uku na fara rubuta shi tun bara, Dakta, ina yagewa. Cikin matan nan da suka amsa tambayoyina, ta sha bakwai Yayyata ce, wadda ta haife ni."

Ya ja ƙofar a hankali. Ta daɗe ba ta buɗe kundi na gaba ba.