Shaidar Mai Shago

Uwar Guga ake kiranta, don tun tana budurwa take bakin teburin guga a shagon wanki ɗaya. Aurenta da haihuwarta da rasuwar mijinta duk a nan suka same ta. Mai shagon kuwa Baba take ce masa, har zuciyarta. Sai dai albashin ya daina isar ta da 'ya'yanta.

Da wani otal ya sanar yana neman shugabar wanki wadda za ta hana zannuwan gado makara, sai ƙaninta, mai iyayin tsiya, ya zaunar da ita.

"Yaya, kar ki je kina cewa kina da haƙuri, kowa haka yake faɗa. Abu uku ne: matsala irin tasu da kika taɓa fuskanta, yadda kika magance ta, sai hujja."

Ta haddace tsaf. A ofishin manajar otal ta fara: "Kun ce zannuwa na makara. Mu ma kayanmu sun sha makara, don a cakuɗe ake wanke su. Sai na sa ake ware su tun daga ƙofa, masu nauyi a fara da su da sassafe su samu bushewa, na gaggawa a kwando daban. Tun daga nan aka daina zuwa mana da faɗa."

Manaja ta gyara zama. "Wa zai tabbatar?"

"Mai shagonmu. Kira shi yanzu ma."

A nan baiwar Allah ta yi wauta, don ba ta gaya wa Baba tana neman wani aiki ba. A ganinta uba ba ya buƙatar shiri. Manaja ta kira, ta buɗe muryar wayar, ta yi bayani. Sai ga muryar Baba.

"Wa? Ai ni na tsara wannan. Ita guga kawai ta iya, shi ma sai an tsaya a kanta."

Uwar Guga ta saki baki. Manaja ta rufe fayil, ta ce za su neme ta, irin neman da ba a yi.

Ba gida ta nufa ba, shago ta wuce. Ta tarar da Baba yana karkaɗa ƙafa, ko kunya babu.

"Baba, me na yi maka?"

"Haba 'yata! In na faɗi gaskiya suka ɗauke ki, wa zai riƙe min shago? Ke ce shagon nan gaba ɗaya."

Shekara da shekaru take jiran wannan yabo daga bakinsa, ga shi ya zo inda ba mai ji sai ita da injin wanki. Ta kwance makullin shago daga bakin zaninta, ta ajiye masa a kan teburin guga.

"Ai guga kawai na iya, Baba. Ka riƙe tsarinka."